Takardar gwajin Umma ta ce giredi na 3: shin saura mataki ɗaya ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyarmu tana da shekara 52. Wata biyar da suka wuce ta ji ƙullutu a nononta na hagu, ba ciwo, sai ta yi shiru. Yanzu an gutsuri tsokar an gwada, an ce sankara ce. A takardar an rubuta Grade 3, a ƙasa kuma 3+3+2 = 8/9. Hoton da aka yi ya nuna ƙarin ya kai santimita 3.4, kuma akwai kaluluwa ɗaya a hammata. Kawunmu ya ce matakan sankara huɗu ne, tunda tana na uku saura ɗaya, gara a mayar da ita gida a yi na gargajiya. Likita kuma ya rubuta wasu hotuna da wani gwaji mai tsada. Ni ce babba, ba mu gaya wa Umma komai ba, ƙannena ma sun daina cin abinci kwano ɗaya da ita. Gaskiya ne ta kusa ƙarshe? Idan an riga an san ciwon, me ake nema kuma?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba Umma lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ladan ɗawainiya.

Abin da zai sa ki samu barci yau shi zan fara gaya miki: lambar 3 da ke jikin waccan takardar ba mataki ba ce. Ma'auni biyu ake yi wa sankara, kuma kowanne tambayarsa daban. Na farko shi ne giredi, yana faɗin halin ƙwayoyin ciwon, wato yadda suka baci da kuma saurin da suke hayayyafa. A sankarar nono daga 1 zuwa 3 yake tsayawa, babu na huɗu. Na biyu shi ne mataki, wanda za ki ga an rubuta Stage a takardun asibiti, yana faɗin inda ciwon ya kai a jiki, kuma shi ne mai hawa huɗu da Kawu ya ji labari. Takardar da ke hannunki ta amsa tambaya ta farko kawai. Ta biyun ba a amsa ta ba tukuna, kuma hotunan da aka rubuta su ne za su amsa ta.

Ban ga laifin Kawu ba ko kaɗan. Na sha ganin masu ilimin boko sosai sun gwama lambobin nan biyu, domin ba a cika samun wanda zai zaunar da dangi ya bambance musu ba. Amma kuskuren yana da tsada, saboda mutum na iya ɗauke mara lafiyar da ake iya warkarwa ya kai ta gida jiran mutuwa. Shi ya sa zan ɗan ja ki da nisa, daga tushe, har ki iya yi wa kowa bayani da bakinki.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kusan kowace irin ƙwaya tana da cibiya a tsakiyarta, a cikin cibiyar kuma akwai ƙwayoyin gado, waɗanda su ne umarnin da take bi. Lafiyayyar ƙwaya mai ladabi ce matuƙa. Ba ta rabuwa biyu sai an ba ta izini. Dubi yadda yanka yake warkewa a yatsa: fata tana tsirowa daga gefe da gefe, da zarar ɓangarorin biyu sun haɗu sai tsiron ya tsaya cak, ba ya ci gaba da tulluwa. Ƙwayoyin sun ji sun taɓa maƙwabtansu, sun san aiki ya ƙare. Haka nan idan umarnin da ke cikin ƙwaya ya lalace fiye da gyara, akwai tsarin da ke sa ta kashe kanta cikin natsuwa don kada ta haifi irinta. Tana kuma da iyakar haihuwa: idan aka raini ƙwayar mutum a ɗakin gwaji, takan rabu kamar sau hamsin ne sannan ta tsufa ta daina. Abu na ƙarshe, tana zaune inda aka ajiye ta. Ƙwayar nono ba ta da abin yi a hanta.

Ƙwayar sankara ba baƙuwa ba ce da ta shigo daga waje, kamar ƙwayar cutar maleriya ko ta tarin fuka. Ɗaya ce daga cikin ƙwayoyin jikin Umma, mai yiwuwa daga cikin waɗanda ke shimfiɗe a bututun da nono ke bi zuwa kan mama. A tsawon shekaru kurakurai suka taru a cikin umarninta, ɗaya bayan ɗaya, har ta yar da ladubban nan. Tana rabuwa ba tare da an ce ta rabu ba. Ta taɓa maƙwabciya, ba ta tsayawa, sai ta hau kanta. Ta lalace amma ta ƙi mutuwa. Iyakar haihuwar nan ma ta tsallake ta. Idan tarin ya fara girma, abinci ya gaza isa tsakiyarsa, sai ya aika saƙon da ke sa jiki ya janyo masa sababbin ƙananan jijiyoyin jini, ya riƙa ci daga rabon mai shi.

Duk waɗannan ba su ne mafi muni ba. Akwai ƙari da yawa da ke girma amma ba sankara ba ne. 'Yan mata da dama suna samun wani ƙullutu a nono mai santsi, mai zamewa a ƙarƙashin yatsa, gefensa a tsare kamar an yi masa shinge. Irin wannan yana ture abin da ke kusa da shi ne kawai, ba ya kutsawa ciki, ba ya kuma zuwa ko'ina. Abin da ya mai da ƙari sankara shi ne ƙwayoyinsa su koyi huda. Bututun nono yana da siririn bango da ya raba shi da sauran tsoka. Muddin ɓatattun ƙwayoyin suna cikin bututun ba su huda bangon ba, ana kiran wannan mataki na 0. Ranar da suka huda suka shiga tsokar da ke kewaye, sun samu hanyoyi biyu na tafiya: jijiyoyin jini, da wasu siraran hanyoyi masu ɗaukar ruwan jiki zuwa kaluluwa. Daga nan ƙwaya za ta iya ɓallewa ta je ta yada zango a wani wuri ta kafa sabon tari.

Tunda ƙwayar jikinta ce, ki gaya wa ƙannenki su koma kwanonsu da Umma yau ɗin nan. Sankarar nono ba ta bin kwano, ba ta bin numfashi, ba ta bin wanki ko shimfiɗa. Kada a haɗa mata ciwo da kaɗaici. Kuma shirun wata biyar da ta yi ba shi ya haifar da ciwon ba. Ƙari mai faɗin santimita ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi kusan biliyan ɗaya, kuma kafin ƙwaya ɗaya ta kai wannan adadin sai ta ninka kanta kusan sau talatin. Abin ya daɗe yana tafiya a ɓoye kafin hannu ya iya jin sa.

Yanzu mu koma kan takardarki, domin waɗancan lambobi uku suna da labari.

Tsokar da aka gutsuro da allura ana jefa ta cikin ruwan fomalin don kada ta ruɓe, a daskarar da ita cikin kakin farafin irin na ɗakin gwaji, a yanka ta siriri fiye da fatar albasa, a shimfiɗa a kan gilashi, a rina ta da rini biyu. Ɗaya yana mai da cibiyoyin ƙwayoyi shuɗi mai duhu, ɗayan yana mai da sauran naman ruwan hoda. Sai likitan gwajin tsoka ya ɗora gilashin a ƙarƙashin madubin da ke girmama abu. Lafiyayyen nono abin sha'awa ne a wurin: ƙananan zobba, kowane zobe ƙwayoyi ne jere a kewaye da rami, cibiyoyinsu ƙanana, girmansu ɗaya, kamar an jera duwatsun murjani a zare. Abin da likitan yake tambayar kansa shi ne, ƙwayoyin wannan ƙarin nawa suka rage na kamannin gidansu?

Abu uku yake dubawa, kowanne ya ba shi maki daga 1 zuwa 3. Wannan tsari ana kiransa na Nottingham, saboda likitoci biyu na garin Nottingham da ke can Ingila, Elston da Ellis, su suka gyara tsohon tsarin suka fitar da shi a 1991, kuma shi ake bi a ɗakunan gwajinmu.

Na farko, shin ƙwayoyin suna ƙoƙarin yin zobban nan har yanzu? Idan fiye da kashi 75 cikin ɗari na ƙarin yana yin su, maki 1. Tsakanin kashi 10 zuwa 75, maki 2. Ƙasa da kashi 10, maki 3. Idan an jera makin yadda aka saba, 3 na farko a takardar Umma yana nufin ƙwayoyin sun kusa manta yadda ake gina bututu, sun zube ne jingim babu tsari. Na biyu, kamannin cibiyoyin: ƙanana masu kama da juna maki 1, manya masu duhu, wannan ta kumbura waccan ta karkace, maki 3. Nan ma ta samu 3. Na uku, likitan yana zaɓar wurin da ƙarin ya fi zafi, ya leƙa fili goma da babban gilashin madubin, ya ƙirga ƙwayoyin da ya kama suna tsakiyar rabuwa biyu. Ana gane su, domin ƙwayoyin gadon suna dunƙulewa su yi baƙi, wani lokaci ka gan su sun ja layi biyu suna janyewa daga juna. A nan ta samu 2, wato matsakaici. An tara, ya ba da 8. Jimla 3 zuwa 5 giredi na 1 ne, 6 ko 7 giredi na 2, 8 ko 9 giredi na 3.

Ba zan sassauta miki abin da wannan ke nufi ba. Giredi na 3 ciwo ne mai zafin hali. A yawancin lokaci ya fi na 1 saurin girma, ya fi shi saurin neman hanyar fita, kuma ya fi yiwuwa likitoci su ce sai an haɗa da kemo, wato magunguna masu ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin sankara. Amma akwai wani gefen da ba a cika gaya wa dangi ba. Magungunan kemo sun fi kama ƙwayar da ke cikin rabuwa, don haka ƙari mai yawan rabuwa sau da dama yakan fi jin maganin, har ki ga ya motse a hannu bayan zagaye biyu ko uku. Wannan dalilin ne kuma yake sa gashin kai ya zube, baki ya yi gyambo, jini ya yi ƙasa: su ma lafiyayyun ƙwayoyin waɗannan wuraren masu saurin rabuwa ne, sai maganin ya shafe su, amma su suna farfaɗowa idan an gama.

Lura da abu ɗaya: duk wannan bayanin daga ɗan gilashi ɗaya ya fito. Likitan da ya rubuta shi mai yiwuwa bai taɓa ganin fuskar Umma ba. Bai san girman ƙarin ba, bai taɓa hammatarta ba, bai ga huhunta ba. Ba yadda za a yi ya faɗi mataki daga abin da aka ba shi.

Ɗauki dokin da ya tsinke daga turke. Tambaya ɗaya ita ce wane irin doki ne, mai sanyi ko mai harbi. Tambaya ta biyu ita ce ina ya kai: yana tsakar gida, ya kai zaure, ko ya fice gari? Doki mai harbi da ke tsakar gida ya fi sauƙin kamu a kan mai sanyin da ya kwana uku a daji. Giredi ya gaya mana dokin Umma mai harbi ne. Yanzu ana neman inda yake.

Ana neman wannan ne da haruffa uku, T da N da M, tsarin da wani likitan tiyata Bafaranshe, Pierre Denoix, ya ƙirƙiro a shekarun 1940. T girman ƙarin ne a inda ya fara. A nono, wanda bai wuce santimita 2 ba T1 ne. Sama da 2 har zuwa 5, T2. Sama da 5, T3. Idan kuwa ya kama bangon ƙirji ko ya ci fata, ta fashe ko ta kumbura ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu, T4 ne komai ƙanƙantarsa. Santimita 3.4 na Umma, kamar girman goro babba, ya faɗa T2, in dai fatar da bangon ƙirjin lafiya suke.

N kaluluwa ce. A hammata akwai ƙananan tacoci da ruwan jikin nono ke bi ta cikinsu, su ne zauren da na ambata. Idan babu ciwon a cikinsu N0 ne. Idan ya shiga amma suna motsi a ƙarƙashin yatsa, N1. Idan sun manne da juna ko da naman da ke kewaye, N2. Idan ya haura zuwa waɗanda ke saman ƙashin wuya ko ƙarƙashinsa, N3. A nan ina so ki riƙe wani abu: kumburin kaluluwa ba hujja ba ne cewa sankara ce a ciki. Ƙurji a hannu ko ciwon yatsa ma yana kumbura ta. Shi ya sa ake so a zuƙo ɗan abin da ke cikinta da allura a duba, ko a ciro ta lokacin tiyata a ƙirga nawa ne suka kamu. Bayan tiyata lissafin yakan koma na ƙidaya: ɗaya zuwa uku N1, huɗu zuwa tara N2, goma zuwa sama N3.

M kuma ita ce tambaya mafi nauyi: ya tafi nesa ko bai tafi ba? Sankarar nono ta fi zuwa ƙashi, huhu, hanta, wani lokaci ƙwaƙwalwa. Hoton ƙirji, sikanin ciki, ko siti sikan idan da hali, duk wannan suke nema. M0 ba a ga komai ba, M1 an gani.

To mu lissafa da abin da kika aiko, da sharaɗin cewa ni ban duba ta ba, likitanta ne mai maganar ƙarshe. Idan kaluluwar ta fito babu ciwo kuma hotuna suka fito fes, an samu T2 N0 M0, wato mataki na 2A. Idan akwai ciwon a kaluluwar amma tana motsi, hotuna kuma fes, T2 N1 M0 ke nan, mataki na 2B. Dukansu biyun matakai ne da ake shiga magani da niyyar warkarwa gaba ɗaya, ba lallashi ba. Idan aka samu kaluluwar sun yi yawa ko sun manne, zai koma mataki na 3, kuma ko shi ma ana yi masa magani da niyyar warkarwa, sai dai aikin ya fi yawa, haɗarin dawowarsa ya fi girma. Mataki na 4 ba ya tabbata sai an ga ciwon a nesa, kuma ko a nan akwai maganin da ke danne shi ya ƙara wa mutum lokaci da sauƙi, ko da yake ba a cika yin alkawarin rabuwa da shi ba. Ba ni da ikon ce miki ba za a ga komai a hotunan ba. Abin da zan iya ce miki shi ne, babu ko kalma ɗaya a cikin wasiƙarki da ta nuna an gani.

Za ki ƙara gane rabuwar ma'aunan biyu idan kika dubi mata biyu da kowane likitan nono ya san irinsu. Ɗaya ƙarinta santimita ɗaya da rabi, giredi na 3, hammata babu komai: mataki na 1. Ɗayar ƙarinta giredi na 1 ne, mai tafiyar hawainiya, amma an shekara uku ana shafa masa magani a gida har ya fasa fata, baya ya fara ciwo, hoto ya nuna ya kai ƙashin baya: mataki na 4. Ta farkon ce ke da kyakkyawar dama, duk da nata ya fi mugun hali.

Wannan ne ya kawo ni kan maganar komawa gida, kuma a nan ba zan yi kara ba. Giredi kusan halitta ce ta ƙarin, ba wani abin da ke hannunku da zai sauya shi. Mataki kuwa yana tafiya da lokaci. T2 na yau shi ne T3 ko T4 na bayan wasu watanni, kaluluwa ɗaya ta zama biyar, kuma ƙari mai giredi na 3 ya fi kowanne saurin yin wannan tafiyar. Wato lambar da ta sa Kawu ya ce a haƙura ita ce ainihin dalilin da ya sa bai kamata a yi jinkirin ko mako biyu ba. Abin da ya fi ci mini rai a aikin nan shi ne in ga mace ta zo da mataki na 2, an tafi da ita, an dawo da ita bayan wata takwas nonon ya fashe yana wari, an tsattsage shi da aska an cusa garin magani. Kada ki yarda a tsaga, kada a yi sakiya, kada a ɗaura abin da ke ƙona fata. Addu'a da sadaka da karatun Alƙur'ani kuwa a yi su dare da rana, ba su hana allurar kemo shiga jijiya. Idan akwai abin sha na gargajiya da aka matsa sai ta sha, a nuna wa likitanta tukuna, domin hanta da ƙoda su ne za su ɗauki nauyin magungunan asibiti, ba a so a gajiyar da su.

Za kuma ki ji ana cewa taɓa ƙari da allura ko wuƙar likita shi ke sa ya bazu. Ba haka ba ne. Abin da ke faruwa shi ne ana zuwa a makare, a yi aiki, sannan abin da ya riga ya tafi tun kafin aikin ya bayyana, sai a ɗora wa wuƙa laifi.

Gwajin nan mai tsada, ina kyautata zaton shi ne wanda za ki ga an rubuta ER, PR da HER2. Ba sabon yanka za a yi mata ba, a kan tsokar da aka riga aka ciro ake yin sa, don haka ki tabbatar kin san ɗakin gwajin da dunƙulen kakin yake da lambar da aka ba shi. Tambaya ta uku yake amsawa, bayan hali da nisa: me wannan ƙarin yake ci? Wasu ƙwayoyin sankarar nono suna da 'yan ƙofofi da sinadarin mata ke shiga ya zuga su. Idan ER ko PR ya nuna akwai su, ƙwayar magani irin tamoksifen, da ake sha kullum na shekara biyar ko fiye, tana toshe ƙofar, kuma ba ta cikin magunguna masu tsada sosai. Idan HER2, wata ƙofa daban mai zuga ƙwaya ta rabu, ita ce ta yi yawa, akwai allurar da aka yi musamman dominsa, tarastuzumab, ita kam da tsada. Idan duka ukun babu, to kemo ne ginshiƙi. Ba tare da wannan gwajin ba, likita yana harbi ne a duhu: ko a sayi maganin da ba zai yi aiki ba, ko a bar wanda zai yi. Idan kuɗi ya gaza, ki faɗa wa likitan ƙarara, ki ce ya jera muku wanne ne ba makawa, wanne zai iya jira. Tambaya ce da suke ji kullum, ba abin kunya ba ce. Sababbin tsare-tsaren da wasu asibitoci ke bi tun 2018 ma suna haɗa giredi da sakamakon wannan gwajin cikin lissafin mataki, saboda haka idan kika ga lambar da likita ya faɗa ta ɗan saɓa da wadda muka lissafa a nan, ki tambaye shi wane tsari ya bi.

Su ma ma'aunan suna da iyakarsu, gara ki sani tun yanzu don kada wani sauyi ya firgita ki. Allura tana ɗebo ɗan siririn yanki ne daga ƙarin, don haka idan aka cire shi duka aka duba, makin na iya motsawa. Likitoci biyu ma na iya saɓawa da maki ɗaya a kan gilashi ɗaya, musamman wajen kamannin cibiya. 8 na Umma da 7 maki ɗaya ne tsakaninsu, amma ɗaya giredi na 3 ne ɗayan na 2. Matakin da aka faɗa kafin tiyata, daga taɓawa da hoto, shi ma ana sake lissafa shi bayan an auna ƙarin da ma'auni an ƙirga kaluluwar. Kuma M0 na nufin hoto bai ga komai ba, ba wai an rantse babu ƙwaya ko ɗaya da ta fita ba. Hoto ba ya ganin abin da bai kai wasu milimita ba. Saboda waɗannan ɓoyayyun ne ake ba da kemo ko maganin sha ko da an cire ƙarin tas. Mata da yawa suna daina zuwa da zarar ɗinki ya warke, suna ganin an gama. Ga mai giredi na 3 wannan kasada ce babba. Kada kuma ki yi mamaki idan aka ce kemo za a fara kafin tiyata. Ana yin haka don ƙarin ya motse, a kuma ga ko yana jin maganin.

Game da Kawu, kada ki tsaya musu da shi a tsakar gida, ba za ki ci riba ba, kuma shi ma tsoron rasa 'yar'uwarsa ne ke magana. Ki same shi shi kaɗai, ki ce, "Kawu, ni ban gane takardar nan sosai ba, ina so ka raka mu ka ji daga bakin likita, kai ne babba." A gabansa ki tambayi likitan: wannan ukun giredi ne ko mataki? T da N da M nata nawa ne? Maganin da za a yi na warkarwa ne ko na sauƙaƙawa? Ki roƙe shi ya rubuta amsar a takarda. Dattijon da ya ji da kunnensa, aka kuma girmama shi, sau da yawa shi ne yake komawa yana tara kuɗin maganin.

Umma kuma a gaya mata. Macen da ta haifi 'ya'ya ta raine su, ta ga an gutsuri naman jikinta, ta ga yara sun janye kwano, ta riga ta san akwai magana, kuma abin da take saƙawa ita kaɗai da dare ya fi gaskiyar muni. Ita za ta kwanta a gadon tiyata, ita za ta jure watannin kemo, ba za ta iya ba idan ba ta san dalili ba. Ba sai kin zuba mata lambobi ba. Ki zauna kusa da ita bayan sallar isha'i, ki ce an gano ciwon, yana da magani, ana wasu hotuna ne don a san ta inda za a fara, kuma kuna tare da ita. Idan ta tambayi sunansa, ki faɗa mata.

Ki samu babban ambulan guda, ki zuba takardar gwajin tsoka, sakamakon hotuna da duk rasit a ciki, ki ɗauki hoton kowace takarda a wayarki, ki rubuta ranar da aka yi kowanne a bayanta. A yi hotunan cikin makon nan. Idan sakamakon ya fito, ki sake rubuto mini haruffan uku da lambobinsu, tare da abin da ER, PR da HER2 suka nuna, mu karanta su tare. Ki gaishe mini da Umma da jiki.